“An Tura” Ko “A Tura”: Inda Kuskuren Rubutu Ke Cin Kuɗi A Kasuwar Jalingo

Wanda ya ratsa babbar kasuwar Jalingo da hantsi zai ji harsuna da dama kafin ya kai inda ake kasa doya. Zai ji Fulatanci, ya ji harshen Mumuye, ya ji Jukunancin mutanen Kona, ya ji na Tibi da na Ibo. Amma da zarar an zo batun “nawa ne?” da “albarka”, kusan kowa Hausa yake komawa. Ita ce igiyar da ta ɗaure kasuwar, kamar yadda ta ɗaure garin kansa tun kafin ya zama babban birnin Jihar Taraba a watan Agustan 1991.

Sai dai Hausar da ake yi a nan ba lallai ta yi daidai da ta littafin makaranta ba. Za ka ji an ce “mota ya lalace”, ko “matan nan ya tafi”, kuma ba wanda zai ɗaga kai. Shekara da shekaru wannan Hausa a baki take, iska na kwashe ta da an gama ciniki. Yanzu ta koma rubutu. Tun farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har mai sayar da tumatur sai da ya nemi lambar asusu. Kuɗin sun dawo hannun jama'a daga baya, amma al'adar ta zauna. Farashi, da adadin buhu, da lambar motar da ta ɗauki kaya, da alkawarin ranar biya, duk yanzu suna kwance a cikin wayoyi, a saƙon tes da na WhatsApp.

A nan ne tsohuwar gardama ta samu sabon fili. Malaman Hausa da masu kishin harshe suna ganin rubutun waya ɓarna ne tsagwaronta. Masu rubutun kuwa amsarsu ɗaya ce: “Ai an gane.” Idan aka zauna aka dubi irin saƙonnin da ciniki ke tafiya a kansu, za a ga kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Yawancin kurakuran da malami zai ja wa jan biro ba sa cutar da kowa. Waɗanda ke cin kuɗi 'yan kaɗan ne, kuma wani daga cikinsu ma ba kuskure ba ne a idon ƙa'ida.

Ƙugiyar da ke ninka kuɗin saƙo

A fara da laifin da aka fi ɗora wa masu rubutu a waya, wato watsi da baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. Ana cewa lalaci ne. Akwai lalacin, amma akwai dalilin da ya girme shi.

Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes yana tafiya ne bisa wani jadawalin haruffa da aka tsara a Turai, mai suna GSM 03.38. Da haruffan wannan jadawali, saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Jadawalin ya tanadi haruffan Jamusanci da Faransanci da wasu na Girkanci, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ma alamar naira. Idan mutum ya saka ko da ɗaya daga cikinsu, waya kan juya saƙon gaba ɗayansa zuwa wani tsari mai suna UCS-2, wanda harafi 70 kacal yake ɗauka. Idan saƙon ya wuce haka, sai a yanka shi gida-gida, kowane gida harafi 67, kuma kowanne da kuɗinsa. Ma'ana, saƙo mai harafi 150 da zai tafi a matsayin guda ɗaya, ƙugiya ɗaya tak za ta mai da shi uku. A farashin naira 4 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ƙayyade a 2013, naira 12 ke nan maimakon 4, kuma tun ƙarin da aka yi a 2025 saƙo guda ya koma naira 6. Ga kuma ƙananan wayoyi masu madannai, waɗanda har gobe su ne a hannun dillalai da direbobi da yawa, da ba su da haruffan sam.

Don haka an yi shekara goma da ɗoriya ana koyon rubuta Hausa ba ƙugiya, kuma hannu ya saba. WhatsApp ba ya cajin kowa a kan harafi, manhajar rubutu irin Gboard kuma tana da allon Hausa, amma sabo turken wawa.

Matasa sun nemi mafita da kansu. Wasu na rubuta q a madadin ƙ, su rubuta 6 a madadin ɓ saboda kamannin siffa, wasu su sa waƙafin sama bayan d. Wanda ya rubuta “qasa” da “6era” ya karya ƙa'ida, amma ya kiyaye bambancin da wanda ya rubuta “kasa” da “bera” ya zubar. Ba ma sabon abu ba ne. Kafin a tsayar da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, masu rubutun boko da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafin sama suke nuna waɗannan sautuka.

Shin rashin ƙugiyar yana ɓatar da mai karatu? Da wuya. “Kudi” ba shi da wani ɗan'uwa da za a rikita shi da shi. “Dari biyar” a saƙon ciniki ba zai zama sanyi ba. Wanda ya rubuta “farashi ya yi kasa” ba wanda zai zaci maciji yake nufi. Kalmomin da ke kewaye suna gyara abin da harafi ya ɓata, kuma mai karatu ba ya ma sanin ya yi gyaran.

Haka batun jinsi yake. A Fulatanci kalma ɗaya ce, “o”, take tsaya wa “shi” da “ita”, kuma harsuna da yawa na wannan yanki ba sa raba namiji da mace a nahawu. Wanda ya tashi da irin wannan harshe, in ya ce “doya ya iso”, tsarin harshen gidansu ne ya biyo shi. Ko a cikin kare-karen Hausa na asali, masana sun daɗe da lura cewa bambancin jinsi ya yi rauni a Hausar Zazzau da ta Bauchi. Doya dai ta iso, ko da “ya” ko da “ta”. Inda abin ke zama matsala shi ne idan mutum biyu ne a cikin zancen, mace da namiji, aka rubuta “ka ba shi” alhali ita ake nufi.

Saƙo guda, a warware shi

A ɗauka wani mataimaki na musamman a wata ma'aikata a Abuja an sa shi ya sayo doyar ƙasar Mumuye, irin ta Zing da Yorro, ƙwarya biyu, domin rabon ƙarshen shekara. Ƙwarya a cinikin doya guda ɗari ce. Ya yi magana da dillali a Jalingo, washegari ya tarar da wannan saƙo (farashin na misali ne kawai):

“slm oga doya ya iso kwarya 150 mota 40 direba ya biya lodi”

Malamin Hausa zai fara ƙirga. Babu babban baƙi a farko. An taƙaice sallama zuwa baƙaƙe uku. An ce “doya ya” maimakon “doya ta”. An cire wa ƙwarya ƙugiyarta. Babu aya, babu waƙafi. Kurakurai biyar ke nan, kuma babu ko ɗaya da zai sa kwabo ya salwanta.

Haɗarin yana wasu wurare uku da jan biro ba zai taɓa ba. Na farko “kwarya 150”. Wanda ya san kasuwa zai gane naira dubu 150 ake nufi a kan kowace ƙwarya, ba ƙwarya 150 ba, domin ba wanda ya yi odar doya dubu goma sha biyar. Wannan ma hankali ya gyara shi. Na biyu “mota 40”. Dubu 40 kuɗin motar duka, ko dubu 40 a kan kowace ƙwarya? Tunda an ambaci farashin doyar a kan ƙwarya, dillali zai iya rantsuwa cewa kuɗin motar ma haka yake nufi. Mataimaki kuma zai iya rantsuwa cewa jimla ya fahimta. Tsakanin fahimtar biyu akwai naira dubu 40, kuma kowannensu da gaskiyarsa.

Na uku shi ne mafi ban sha'awa: “direba ya biya lodi.” Jimla ce lafiyayya, ba ta karya ko ƙa'ida ɗaya ba. Amma direban ya riga ya biya masu lodi ne, ko ana cewa shi ne zai biya? A baki ba a taɓa rikita su. Idan aikin ya wuce, “ya” ɗin doguwa ce, murya a sama. Idan umarni ne ko buƙata, gajeruwa ce, murya a ƙasa. Daidaitaccen rubutun Hausa, wanda Hukumar Harshen Hausa ta fara kula da shi tun 1955, aka kuma sake zama a kansa a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. An bar su ne da gangan, bisa dogaro da cewa Bahaushe zai gane daga zubin zance. A littafi ko jarida hakan na aiki, domin akwai sakin layi guda da ke tallafe da jimlar. A saƙo mai kalma goma sha uku babu abin tallafi.

Ga yadda saƙon zai kasance da dillali ya san inda ramin yake:

“Doya kwarya 2 (guda 200). Kowace kwarya naira dubu 150, jimla dubu 300. Kudin mota duka dubu 40. Direba ya riga ya biya kudin lodi.”

Har yanzu babu ƙugiya ko ɗaya, kuma harafi 131 ne, saƙon tes guda ya ɗauke shi. Da an sa masa ƙugiyoyinsa da ya zama saƙo biyu. Abin da ya gyara shi kalmomi uku ne: “kowace”, da “duka”, da “riga”. Da umarni ake nufi, sai a ce “direba ne zai biya”.

Harafin n

Mu ci gaba da misalin. Mataimaki yana cikin taro, ya karanta saƙon a gurguje, ya so ya shaida wa dillali cewa ya amince, a ɗora kaya a mota. Ya rubuta “a tura”. Ko kuma ya so ya ce kuɗi sun tafi, ya rubuta “an tura”. Tsakanin jimlolin biyu harafi ɗaya ne, kuma shi ne harafin da babban yatsa ya fi tsallakewa ko ƙarawa in ana sauri. Idan dillali ya ga “an tura” alhali “a tura” aka yi nufi, zai ɗauka kuɗinsa na hanya, alat ne kawai ya yi jinkiri kamar yadda ya saba. Zai saki doya ta kama hanyar Mutum Biyu da Wukari, tafiyar wuni guda cur kafin Abuja. Shi kuma mataimaki yana zaune da niyyar sai kaya sun sauka zai biya.

Wannan n ɗin ba ado ba ce. A Hausa, wakilan suna guda tara ne ke shiga gaban aikatau. Biyar daga cikinsu suna bambance aikin da ya wuce da wanda ake so a yi ta hanyar n: kin da ki, mun da mu, kun da ku, sun da su, an da a. “Sun sauke kaya” labari ne, “su sauke kaya” umarni ne. Sauran huɗun, wato na da ka da ya da ta, ba su da wannan gata a rubuce. “Ka tura kuɗin” na iya zama shaida cewa ka tura, ko umarni ka tura, ko kuma tambaya in an manta alamarta. “Na turo” ma haka: akwai wadda ke nufin an gama, akwai wadda ake faɗa da murya mai faɗuwa, wadda ke nufin “zan dai turo”, irin alkawarin da mai bin bashi ya san nauyinsa. A rubuce kamarsu ɗaya.

Saboda haka ƙa'idar da ta fi kowace tsanani a saƙon ciniki ita ce ta lokaci. Inda n take, kada a yi wasa da ita. Inda babu ita, a kawo kalmar da za ta tsaya a madadinta: “riga”, “tuni”, “yanzun nan”, ko “zan”, “sai ka”, “don Allah”. Alamar tambaya kuwa, a cikin dukkan alamomin rubutu ita kaɗai ce ba ta da magaji a waya. Ana iya maye gurbin aya da sabon layi, a maye waƙafi da tazara. Tambaya in ta rasa alamarta sai ta koma umarni, kuma umarni daga ƙarami zuwa babba rashin kunya ne.

Raba kalma da haɗe ta ma haka take: a wuri ɗari ba ta da illa, a wuri ɗaya tana da ita. Dubban mutane na rubuta “ba'a zo ba” maimakon “ba a zo ba”, kuma ba wanda ya taɓa zaton zolaya ake magana. Amma a dubi “bashi dubu 20” da maigida ya aika wa yaron shagonsa game da wani abokin ciniki. A ba shi dubu 20 ne, ko ana bin sa bashin dubu 20? Tazara guda ce tsakanin fitar da kuɗi daga aljihun shago da karɓo su. Haka “bata kudin”: ba ta kuɗin, ko ɓata kuɗin? A nan ƙugiya da tazara sun haɗu sun yi aikin da ba su saba yi ba.

Lambobi ba su da makwabta

Dalilin da ya sa kalma ke jure kuskure shi ne tana da makwabta masu yi mata shaida. Lamba ba ta da su. In an rubuta 15000 maimakon 150000, babu abin da ke cikin jimlar da zai nuna sifili ya faɗi. Shi ya sa tsohuwar dabarar banki ta fi kowace: a rubuta adadi da lamba, a maimaita da kalmomi. A dokar da ke kula da cek a Nijeriya, idan lamba da kalmomi suka saɓa, kalmomin ake bi. Ɗan kasuwar da ke rubuta “dubu 150” maimakon jera sifilai, ko bai sani ba, wannan hikimar yake bi.

Akwai kuma kalmomin lissafi da ke sauya ma'ana in sun ƙetare iyaka ko zamani. Dattijon da ya ce “jaka goma” naira 2,000 yake nufi, domin jaka fam ɗari ce, wato naira 200 tun canjin kuɗi na 1973. Abokin cinikinsa na Maraɗi in ya ce “jikka goma”, sefa 10,000 yake nufi. Harafin k da matasa ke liƙa wa lamba yana nufin dubu, alhali a tsohon rasit kwabo yake nufi. Shi kansa “buhu” ba ma'auni ba ne sai an faɗi na mene ne, domin na shinkafar kanti kilo 50 ne, na masara kuwa ya kan ninka haka.

Lambar asusu ta fi samun kariya. Tsarin NUBAN na Babban Bankin Nijeriya lambobi goma ne, ta ƙarshe kuma ana lissafo ta ne daga sauran, ta yadda in an kuskure lamba ɗaya, galibi asusun ba zai fito ba. Sai dai wasu manhajojin kuɗi lambar wayar mutum suke mayarwa lambar asusu, kuma a can kuskuren lamba ɗaya na iya kai kuɗi ga wani bawan Allah da ba a sani ba. Sunan da ke bayyana kafin a danna amincewa shi ne abin karantawa harafi-harafi. Haka kuma ana yawan cewa alat ɗin bogi ana gane shi da kurakuran rubutu. Wani lokaci haka ne, amma ɗan damfarar da ya iya aikinsa kwafar saƙon banki yake yi ya sauya adadi kawai. Kyawun rubutu ba shaidar shigar kuɗi ba ne. Abin da ya rage a asusu shi ne shaida.

Ranar da saƙo zai tsaya gaban alƙali

Yawancin saɓanin kasuwa a wurin shugabannin 'yan kasuwa yake ƙarewa, a miƙa wayoyi, a karanta, a raba asara. Wanda ya ƙi ƙarewa kuwa yana da hanyar kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan da suka fito daga na'ura, bisa sharaɗin a nuna na'urar tana aiki daidai, a kuma kawo takardar tabbaci. Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake a 2012, a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, inda ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. In an cika su, saƙon da aka rubuta a tsaye a bakin rumfa zai iya zama hujja, kuma alƙali ba zai tambayi ƙugiya ba. Zai tambayi abin da mai hankali zai fahimta daga saƙon.

Wata shari'a daga Kanada ta nuna nisan da abin zai iya kaiwa, kuma ita ma cinikin amfanin gona ce. A watan Maris na 2021, wakilin kamfanin South West Terminal a lardin Saskatchewan ya aika wa wani manomi hoton yarjejeniyar sayen wani iri da ake tatsar mai, ya nemi ya tabbatar. Manomin ya mayar da hoton babban yatsa a ɗage, bai ƙara ko harafi ba. Kafin lokacin kai kaya farashi ya tashi, bai kai ba. A kotu ya ce yatsan na nufin ya ga saƙon, ba ya amince ba. A watan Yunin 2023 alƙali ya duba yadda suka saba ciniki a baya, ya ga manomin ya sha ƙulla irin wannan yarjejeniya da gajeriyar amsa ta kalma ɗaya ko biyu kuma ya cika, sai ya yanke cewa yatsan sa hannu ne. Aka ci shi diyyar sama da dalar Kanada 82,000.

Bahaushe yana da nasa babban yatsan, shi ne “to”. A baki akwai “to” ta amincewa, da “to” ta “na ji”, da “to” mai ja wadda ke nufin akwai magana. A allo duk harafi biyu ne. Wanda aka aiko masa farashi ya amsa da “to” don kawai ya nuna ya gani, ya sani cewa wancan ɓangaren ya riga ya fara neman mota. “Na gani, zan duba” ba ta kai daƙiƙa biyar a rubuta ba. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kwangila ke aika masa saƙo a WhatsApp ya fi kowa bukatar wannan jimla.

Inda sunan wani ke kan rubutun

Duk sassaucin da aka ambata na saƙon mutum biyu ne da suka san juna. Dillali da abokin cinikinsa suna da tarihi, kuma in an rikice ana iya bugo waya. WhatsApp ma tun 2023 yana ba da minti 15 a gyara saƙo. Rubutun da aka saka a Facebook ko X da sunan minista, ko sanata, ko shugaban hukuma, ba shi da irin wannan sassauci. Masu karanta shi ba su san marubucin ba, wasunsu ma neman abin kamawa suke yi, kuma kafin a gyara an riga an ɗauki hotonsa.

A irin wannan wuri kuskuren da ba ya ɓata ma'ana ma yana da farashi, domin abin da ake aunawa ya sauya. A dubi addu'ar ta'aziyya. Kullum ana rubuta “Allah ya jikansa” a ƙarƙashin sanarwar rasuwa, kuma ba mai zaton jikan mamaci ake kira. Daga aboki zuwa aboki ta wadatar, Allah ya san nufi. Amma in ta fito haka a sanarwar da ofishin babban jami'i ya fitar game da rasuwar basarake, mai karatu ba zai ce bai gane ba. Zai ce ba a damu ba, an ba yaro ya rubuta, ba wanda ya duba. Sau da yawa sanarwar Turanci ta ofishin tana fita tsaf, an bi ta sau uku, ta Hausa kuwa a bar ta yadda ta zo. Mutanen da aka rubuta dominsu suna lura da wannan bambanci, ko ba su furta ba. Suna da sarauta su ne mafi tsanani. Sarkin Muri ba ya zama Sarkin Jalingo don fadarsa na Jalingo, kuma wanda aka rubuta sunan mahaifinsa ba daidai ba ba ya karanta sauran sanarwar.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato tsananta ƙa'ida inda ba a neme ta ba. Wani bincike da Celia Klin da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Binghamton ta Amurka da ɗalibai 126 ya gano cewa gajeriyar amsar tes da aka rufe da aya ana jin ta kamar ba ta kai zuci ba, alhali a rubutun hannu ba a jin haka. Binciken a kan Turanci aka yi shi, amma duk wanda ya taɓa karɓar “To.” daga maigidansa, da babban baƙi da aya, ya san ya kwana yana tunani.

A Hausa ma'aunin ladabi a waya ba ya kan aya ko ƙugiya. Yana kan sallama da wakilin suna. Dattijon dillali a Jalingo zai karɓi “slm baba ina kwana ya kasuwa” da farin ciki, duk da babu harafi ɗaya a mazauninsa. Saƙon da aka rubuta da cikakkiyar ƙa'ida, ƙugiya da waƙafi duk sun ji, amma ya fara da “Ka aiko da kayan yau” ba gaisuwa, daga yaron da bai kai ɗansa ba, shi ne wanda zai ajiye waya ya ce doyar ta ƙare.